Wanda ya san sunanka ba lallai ma'aikacin kamfani ba ne

Mutane da yawa sun daɗe da yarda cewa idan mai kira ya faɗi cikakken sunanka da kamfanin da kake ajiyar kuɗi, to daga kamfanin yake, sai a ba shi PIN.

Wannan sunan ba sirri ba ne. Duk wanda ya shigar da lambar asusunka kamar zai tura maka kuɗi, sunanka zai bayyana masa kafin ya tura ko sisi. A asusun waya da yawa kuma, lambar asusun ita ce lambar wayarka ba tare da sifilin farko ba. Mai zamba zai iya zama a kasuwar Terminus ta Jos ko kasuwar Wuse ta Abuja ya tattara sunaye ta haka. Jarraba da lambar wani ɗan'uwanka ka gani.

Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar PIN ɗinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da ya ce za a rufe asusunka yau. Katse kiran, ka kira lambar wayar kamfanin da ke cikin manhajarka.

A wurin mai POS ma, duba adadin kuɗin, ka danna PIN da kanka kana rufewa da ɗaya hannun.

Don Allah a isar wa iyayenmu da 'yan'uwa.