Tambayar Fahimta a Darasin Rabon Iko: Ma'anarta da Yadda Ake Tsara Ta

Tambayar fahimta ita ce wadda ɗalibi ba zai iya amsawa ba ta hanyar kwaso abin da ya haddace, sai ya ɗora ƙa'idar a kan lamarin da bai taɓa gani ba. Kishiyarta ita ce tambayar hadda, irin su "Mene ne rabon iko?" ko "Lissafo ɓangarorin gwamnati uku." Ɗalibi zai zubo cewa majalisa ke yin doka, ɓangaren zartarwa ke aiwatarwa, kotu ke fassarawa, har ya ƙara da sunan Montesquieu, masanin da ya yi fice wajen bayyana ƙa'idar, da shekarar 1748 da littafinsa ya fito, ya kwashe maki duka, alhali ko a gabansa aka keta ƙa'idar ba zai gane ba.

Inda fahimta ke ɓuya a wannan darasi wuri ɗaya ne: bambanci tsakanin ɓangaren da ya taka wa ɗan'uwansa birki da izinin tsarin mulki, da wanda ya ƙwace aikin da ba nasa ba. Mai hadda duk abu ɗaya yake ɗaukarsu, wato katsalandan. To, nan ya kamata tambaya ta dosa. Ga misali:

"Tsarin mulkin wata ƙasa ya ce shi ne gaba da kowace doka, majalisa ce kaɗai ke sanya haraji, kuma idan shugaba ya ƙi sa hannu a ƙudiri, ba zai zama doka ba sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa sun sake amincewa. Majalisar tana da kujeru 90. Ta amince da rage haraji, shugaba ya ƙi sa hannu, aka sake ƙuri'a aka samu 55. Daga nan shugaba ya ba da umarnin ƙara harajin, kotu ta soke umarnin. Wane mataki ne ya wuce gona da iri, kuma me ya sa sauran ba su wuce ba?"

A ce maki 10 ne. A ba da 2 ga wanda ya nuna umarnin ƙara haraji, 3 ga dalilinsa, cewa shugaba ya yi aikin majalisa da hannunsa. Wasu 2 na wanda ya lura ana buƙatar ƙuri'a 60, don haka ƙudirin bai zama doka ba. Sauran 3 kuwa na wanda ya bayyana cewa ƙin sa hannu dama ce da tsarin mulki ya bai wa shugaba, kotu kuma ba haraji ta yanka ba, umarni ta auna da tsarin mulki ta ga ya saɓa. Waɗannan ukun na ƙarshe su ke raba aya da tsakuwa. Kada a ware ko maki ɗaya don ma'anar rabon iko, domin da zarar an ware, shafi guda za a cika da ita, ba a taɓa shugaba ko kotu ba.

Dabara ta biyu ita ce a canza abu ɗaya tak a sake tambaya. "Da majalisar ce ta ba shugaba izinin daidaita harajin cikin wata iyaka, amsarka za ta canza?" Wanda ya gane zai ce eh, ya kuma nemi sanin ko umarnin ya tsaya cikin iyakar. Wanda ya yi sa'a a karon farko sai ya maimaita tsohuwar amsarsa.

Kuskuren da ya fi ɓata irin wannan tambaya shi ne rashin faɗin tsarin da ake magana a kai. A Birtaniya ministoci 'yan majalisa ne, kuma kotu ba ta soke dokar da majalisa ta yi. A Amurka ba a haɗa kujerar majalisa da muƙamin zartarwa, kotu kuma tana iya ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, kamar yadda ya tabbata a shari'ar Marbury da Madison a 1803. Idan tambaya ta yi shiru a kan wannan, amsoshi biyu masu karo da juna duk za su yi daidai, kuma laifin na mai tambaya ne. A kuma tsame kalmomin da ke tona amsa, irin su "da ƙarfin tsiya" ko "ba bisa ƙa'ida ba". Sunan ɗan siyasa mai ci ma a bar shi, don ɗalibi zai amsa da zuciyarsa ne maimakon tsarin mulki.

Shari'o'in tarihi suna da amfani idan an cire sunaye. A 1952 Shugaba Truman na Amurka ya karɓe masana'antun ƙarfe ba da izinin majalisa ba, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan iko. Idan an koyar da shari'ar a aji, ambaton sunanta ya mayar da tambayar hadda. Sai a musanya masana'antun ƙarfen da jiragen ƙasa, a sakaya ƙasar, a tambayi ɗalibi hukuncin da zai yanke da kuma hujjarsa.