Gishiri na cin gini daga ƙasa: abin da mai gini a bakin ruwan Legas ya kamata ya sani

Wanda ya saba da gini a Kano ko Sakkwato, in ya zo Ajah, Lekki, Badagry ko Apapa, ƙasar da zai tarar daban take. Ka haƙa mita ɗaya ko biyu ruwa ya taso, kuma a wurare da yawa ruwan zartsi ne. Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. A ciki akwai kuloraid wajen giram 19 da salfet kusan giram 3, kuma waɗannan biyun su ke kashe kankare, kowanne da irin ɓarnarsa.

Salfet simintin kansa yake ci. Idan ya shiga, sai ya haɗu da wasu sinadaran da ke cikin daskararren siminti, a sami sabon abu mai kumbura. Kankaren ya fara tsagewa daga kusurwa da baki-baki, ya yi laushi, har ka sa ƙusa ka kankare shi kamar alli. Kuloraid kuwa rodi yake nema. Rodin da ke cikin lafiyayyen kankare ba ya tsatsa, domin simintin ya yi masa wata siririyar kariya. Kuloraid na isa ya karya kariyar. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka sai ta turo kankaren daga ciki.

Ga yadda abin ke bayyana a ido. A dubi gindin ginshiƙi, daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. Da farko fenti ne zai kumbura, filasta ta riƙa zuba, wani farin gari kamar kanwa ya fito. Ruwa ne ke hawowa daga ƙasa, ya bushe, ya bar gishirinsa. Daga baya sai a ga siririn tsagu a miƙe, yana bin layin rodi, da jan ruwan tsatsa yana ɗigowa. In ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji wurin yana amsawa kamar ƙwarya, to kankaren ya riga ya rabu da rodin.

Duk wannan ɓarna hanyarta ɗaya ce: ƙananan ƙofofin da ke cikin kankare. Kuma yawancin ƙofofin nan mu ke buɗe su da hannunmu ranar zubi, da ruwan da muke ƙarawa don kwaɓi ya yi sauƙin sheƙawa. Siminti na shan ruwan da yake bukata kawai. Ragowar ya bushe ya bar gurbinsa, ta nan gishiri ke bi.

A ɗauki misalin mai zuba fandisho da ginshiƙan bene mai hawa ɗaya a Ajah. Kwaɓin da aka saba, buhu ɗaya da kwanon yashi huɗu da na tsakuwa takwas, bai isa ba a irin wannan ƙasa. A koma buhu ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, da simintin da aka rubuta wa 42.5 a jikin buhu. Ruwa kuma kada ya wuce lita 20 zuwa 22 ga buhu mai kilo 50. Ke nan jarka mai lita 25 ta yi yawa, sai an rage ta. In yashin jiƙaƙƙe ne, kamar yadda yake da damina, ya riga ya zo da lita uku ko huɗu a cikinsa, sai a cire su daga lissafi. Leburori za su ce kwaɓin ya yi tauri, kuma gaskiyarsu. Maganin shi ne sinadarin laushin kwaɓi da ake sayarwa a shagunan kayan gini, da injin jijjiga wanda zai sa kankaren ya zauna ya cika ko'ina. Malam mai gida, gara ka biya hayar injin da ka bari a ƙara bokiti ɗaya na ruwa.

Sai kaurin kankaren da ke rufe rodi. A cikin ɗaki busasshe milimita 25 kan wadatar. A ƙasa mai gishiri, ko bangon da iskar teku ke duka, a ba shi 50, in kuma kankaren zai kwanta kai tsaye a kan ƙasa a ba shi 75. Daga zoben da ya ɗaure rodi ake aunawa. Dalilin wannan tsanani shi ne gishiri a hankali yake kutsawa, kuma in ka ninka kaurin biyu, lokacin da zai ɗauka kafin ya kai rodi na iya ninkawa kusan huɗu. Amma akwai matsala: ginshiƙi mai inci tara, wato milimita 225, in ka cire 50 a kowane gefe saura 125 kacal, rodi ya cushe, tsakuwa ta kasa wucewa. Don haka tun a zane ake gaya wa injiniya ya faɗaɗa shi, misali zuwa 300. A kuma ɗaura biskit na siminti mai ƙarfi tsakanin rodi da katako. Guntun bulo ko itace da ake cusawa a madadinsa ƙofa ce aka bar wa ruwa.

Akwai gishirin da ba ya jiran ya shigo daga waje, mu ke kwaɓa shi a ciki. Yashin da aka yaso daga bakin teku ko daga gefen lagun mai zartsi, da ruwan rijiyar wurin ginin, kowanne na iya kai kuloraid har jikin rodi tun ranar farko, kuma babu kaurin da zai hana. Ruwan kwaɓin kankare mai rodi bai kamata kuloraid ɗinsa ya wuce giram ɗaya a lita ba. In ka ɗanɗana ka ji zartsi, kada a kwaɓa da shi sai an kai ɗakin gwaji. Haka ma yashi, a tambayi mai tifa inda ya ɗebo. 'Yan'uwanmu masu ga-ruwa da masu buga bulo, wannan amana a hannunku take.

Game da siminti mai jure salfet, a yi hattara. Yana da amfani inda gwajin ƙasa ya nuna salfet ne ya yi yawa, amma bai kai siminti na gama-gari riƙe kuloraid ba. A bakin teku inda biyun suke tare, wanda aka gauraya da tokar kwal ko dattin narka ƙarfe ya fi toshe ƙofofi. Gwajin ƙasa da ruwan filin ne zai raba gardama, kafin a sayi buhu ko ɗaya.

A ƙarƙashin fandisho a fara zuba siririn kankare mai milimita 50, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata. Bayan an cire katako a shafe duk abin da ƙasa za ta rufe da ruwan kwalta, shafi biyu. Kuma a shayar da kankare kwana bakwai aƙalla, da ruwa mai daɗi, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin fatar wajen nan da rana ke saurin busarwa ita ce mai tsare rodin.

In ɓarnar ta riga ta fito, shafa sabuwar filasta a kai ɓoye ciwo ne kawai, tsatsa na ci gaba a ƙarƙashi. Ana fasa duk inda ya amsa guduma har a zagaya bayan rodin da kamar faɗin yatsa, a goge ƙarfen ya yi haske, a cike da kwaɓin gyara na musamman. Amma in ginshiƙi ne mai ɗauke da bene, ko an ga rodin ya sirance, kada a ɗora masa kurfi sai injiniya ya gani an kuma tokare ginin.