Nauyin ƙirji ba duka ne olsa ba

A ɗakin duba marasa lafiya inda nake aiki, da wuya rana ta faɗi wani bai dafe ƙirji ya ce mini, "Malam, olsa ce ta taso." Shi ya yi wa kansa gwaji, shi ya yanke hukunci, magani kawai ya zo karɓa. Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce, ƙwannafi ne. To amma akwai waɗanda zuciya ce ke kuka suna ɗora wa ciki laifi, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, shekarunsa sun haura hamsin, yana da hawan jini amma shan maganin sai ya ga dama. Ya ce mini wata uku ke nan, in ya taya yaransa ɗaga buhu, ko ya yi sauri don kada ya rasa jam'i, sai ya ji kamar an aza masa dutse a tsakiyar ƙirji. Da yake kwatantawa bai nuna da ɗan yatsa ba, dunƙule hannu ya yi ya danna a ƙashin ƙirjinsa. Na ce, "Alhaji, in ya taso me kuke yi?" Ya ce, "Zama nake in sa a jiƙo mini kanwa. Kafin in shanye kofin ya lafa."

Nan ne kuskuren yake. Kanwar ba ta yi komai ba, zaman ne ya yi aiki. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. In kitse ya taru a bangon jijiyar ya rage mata faɗi, jinin da ke wucewa yakan ishi zuciya muddin mutum yana zaune. Da ya ɗauki kaya ko ya hau tudu, zuciya ta ƙara gudu, tana neman ƙarin jini, hanya kuwa ta yi ƙunci. Wannan ƙarancin ne ake ji a matsayin nauyi ko matsi, wani lokaci ya bi ta kafaɗa da hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya. In an tsaya an huta, cikin 'yan mintuna, galibi ƙasa da biyar, sai ya sake. Ita kanwa ma gishirin da ke cikinta ƙara wa mai hawan jini wahala yake.

Ƙwannafi daban yake tafiya. Ruwan tsamin ciki ne ke hawowa maƙoshi, shi ya sa ake jin ƙuna daga bakin ciki tana tasowa sama, da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. Abinci ke jawo shi: an cika ciki da tuwo da man shanu da yaji an kwanta nan take, ko an sha ruwa da soye-soye a azumi, ko an sunkuya bayan cin abinci. Masu juna biyu sun san shi sarai. Tashi zaune na rage shi, maganin ƙwannafi na kemis ma haka.

Don haka tambayar da nake yi ita ce, me ke kawo shi, me ke tafiyar da shi? Wanda aiki ke kawowa hutu ya kore shi, a ɗauke shi na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Irin wannan, in yana lafawa da hutu, a je asibiti cikin kwanakin nan, kada a ce sai bayan girbi ko bayan salla. Kafin nan a daina ɗaukar kaya masu nauyi. Kada kuma a ruɗu don an sha maganin ƙwannafi an ji sauƙi, domin ciwon zuciya ma yakan zo da ƙuna da gyatsa, kuma mutum ɗaya na iya samun duka biyun.

Shi Alhaji na rubuta masa takardar zuwa babban asibiti, na roƙe shi kada ya wuce makon. Kasuwa ta riƙe shi. Bayan kwana goma ciwon ya canza hali: tafiya daga shago zuwa bakin titi ma tana tayar da shi. Daren da ya tashe shi daga barci, yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf ga sanyin hunturu. Ɗansa ne ya ƙi yarda a jira asuba, ya nemo mota. Allah Ya yi da sauran kwana.

Wannan canjin hali shi ne abin tsoro. Yana nufin kitsen da ke bangon jijiya ya tsage, jini ya fara daskarewa a wurin, hanya na shirin toshewa gaba ɗaya. In ta toshe, tsokar zuciya takan fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Saboda haka in nauyin ƙirji ya zo mutum yana zaune ko kwance, ko an huta ya ƙi lafawa har ya kai minti goma sha biyar, a tafi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne. Idan ma akwai gumi mai sanyi, ko numfashi sama-sama, ko tashin zuciya da amai, ko jiri, ko suma, ba a jiran cikar mintunan. Haka nan wanda ciwonsa ya fara zuwa da ɗan ƙaramin motsi, ko ya yawaita fiye da da, ranar zai je.

Mata da tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo ba tare da wannan nauyin ba. Wata za ta ce gajiya ce ta rufe ta ba dalili, numfashinta na yankewa, bakin cikinta na murɗawa. Na sha jin an ce wa irin waɗannan iyayen namu, "Baba, ki ɗan kwanta zai wuce." Kada a kwantar da su, a kai su.

Kafin a samu mota, a zaunar da shi a jingine, a sassauta masa riga, kada ya tuƙa kansa, kada ya taka zuwa bakin titi. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma in ba a samu ba kada a tsaya kira, a nemi motar maƙwabci. In yana cikin hayyacinsa, a ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, don yana hana jini ƙara daskarewa. Ban da wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, da mai aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, wanda shi ma kansa dalilin gaggawa ne. Haka wanda ciwon ya zo masa farat ɗaya kamar ana yaga shi har baya, kada a ba shi, a wuce da shi kawai. Wanda likita ya riga ya ba ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe ya sa ta yana zaune. In bayan minti biyar bai ji sauƙi ba, a kama hanya. Amma in ya sha maganin ƙarfin maza a kwana ɗaya ko biyun da suka wuce kada ya sa ta, haɗuwarsu na faɗar da jini ƙwarai, kuma ya gaya wa likita ba kunya.

A nufi asibitin da ke da na'urar zana bugun zuciya, wadda za ku ga an rubuta ECG a takarda, ba kemis ba. A bakin ƙofa a ce "ciwon ƙirji ne da gumi, ya fara ƙarfe kaza", domin ƙa'ida ita ce a yi wannan gwajin cikin minti goma da isowa, kuma allurar narkar da daskararren jini ta fi amfani a sa'o'in farko. In gwajin farko bai nuna komai ba suka ce a zauna za su sake ɗiban jini bayan 'yan sa'o'i, a zauna, don alamar raunin zuciya takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana a jini.