Faɗin tashar waifai: 20, 40 ko 80 a unguwar da rauta ta yi yawa

Tambaya: Malam, a gidan haya nake mai hawa biyu, kusan kowane ɗaki da rautarsa. Na shiga saitin tawa na ga Channel Width, na mayar da shi 80MHz don na ji an ce ya fi gudu. Da safe lafiya lau, amma bayan isha'i kiran bidiyo sai ya riƙa tsinkewa. Me na ɓata?

Amsa: Ba ka ɓata komai a jikin na'urar ba, ɗan'uwa, wuri ka ɗiba fiye da wanda unguwar za ta iya bar maka. Waifai yana da wata ƙa'ida da ke bayan duk wannan matsala: kafin na'ura ta aika saƙo sai ta saurara tukuna, in ta ji wata na magana a tasharta sai ta dakata. Kamar zaman zaure ne, mutum ɗaya ke magana, sauran su yi shiru har ya kai aya. Rautar maƙwabcinka ba ta san kalmar sirrinka ba, kai ma ba ka san tasa ba, amma muddin kuna tasha ɗaya kuma kuna jin juna, layi ɗaya kuke bi.

Asalin tasha faɗinta megahaz 20 ne. Idan ka zaɓi 40, tashoshi biyu maƙwabta ka haɗe. Idan ka zaɓi 80, huɗu ka haɗe. A zangon gigahaz 5, wanda ya zaɓi 80 a kan tasha ta 36 ya shimfiɗa ƙafarsa a kan 36 da 40 da 44 da 48 gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce babbar tasha, inda rauta ke jiran layi, amma kafin ta yi amfani da cikakken faɗin sai ta leƙa sauran ukun ta tabbatar babu kowa. In ta tarar da wani a ciki, ko dai ta tsuke ta aika a 40 ko 20, ko kuma ta koma ta sake jira, ya danganta da ƙirarta. Da safe maƙwabta sun fita aiki da makaranta, zaurukan nan huɗu babu kowa. Bayan isha'i kowa ya dawo ya ɗauki waya, samun lokacin da duk huɗun za su yi tsit tare sai ya yi wuya. Sauke fayil yana jure irin wannan jira, ba ka ma lura. Kiran bidiyo ba ya jurewa, domin muryar da ta makara ba ta da sauran amfani.

Tambaya: To gudun da ake faɗa ƙarya ne ke nan?

Amsa: Gaskiya ne. A tsarin waifai na 802.11ac, wanda ya kawo faɗin 80 a 2013, waya mai eriya biyu tana iya haɗuwa da rauta a kan megabit 173 a daƙiƙa idan faɗin 20 ne, 400 idan 40 ne, 867 idan 80 ne. Ka ga kowane ninki yana ba da ɗan fiye da biyu. Sai dai waɗannan lambobin na wanda ke zaune kusa da rauta ne a wurin da babu mai damunsa, kuma abin da ke isa hannunka a aikace bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku nasu ba.

Abin da na fi so ka duba shi ne layin da ke shigo maka da intanet. Idan rautar mai sim ce, kuma abin da take samu daga turken kamfani megabit 30 ne, to faɗin 20 ma ya ɗauke shi har da saura. Buɗe ta zuwa 80 ba zai ƙara ko megabit ɗaya a kan 30 ɗin nan ba. Ka ɗauki nauyin cunkoson tashoshi huɗu a kan ribar da ba za ta taɓa zuwa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a yawancin gidajen da ke kan sim.

Tambaya: Ɗakin barcina yana can ƙurya, can ne ma abin ya fi muni. Faɗin na da hannu a nan?

Amsa: Yana da hannu sosai. Ƙarfin da rauta ke fitarwa a ƙayyade yake, in ka faɗaɗa tasha sai ya bazu a kan fili mai yawa, ita kuma wayar tana kwasar hayaniyar duk filin. Kowane ninki na faɗi yana ninka hayaniyar da kunnen waya ke ji, wato ƙarin desibel 3. Daga 20 zuwa 80 ya zama desibel 6. Da dBm ake auna ƙarfin sigina, kuma iya nisan lambar ƙasa da sifili iya raunin siginar. A falo, inda sigina ke nuna -50 dBm, wannan ba komai ba ne. A ƙuryar da ta ratsa bangon bulo biyu ta sauka zuwa -75 dBm, desibel shidan nan suna iya zama tazarar da ke tsakanin haɗi mai ɗorewa da mai yankewa. Tsarin 802.11ac kansa ya nuna haka: mafi ƙarancin siginar da ake buƙatar na'ura ta iya karantawa -82 dBm ne a faɗin 20, -79 a 40, -76 a 80.

Wayar da ke ƙurya kuma ba kanta kaɗai take cuta ba. Tana magana a hankali, tana maimaita abin da ya ɓace, duk tsawon lokacin nan sauran wayoyin gidan suna jira.

Tambaya: Ta yaya zan san wanda ya dace da gidana ba tare da kame-kame ba?

Amsa: A lokacin da matsalar ke faruwa za ka auna, ba da hantsi ba. Ɗauki kwamfuta mai Windows bayan isha'i, ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

Za ta jero duk waifan da take ji, kowanne da Channel da Signal ɗinsa. Waɗanda siginarsu ke da ƙarfi su ne abokan layinka, masu rauni can ƙasa ba su cika damunka ba. Wannan umarni yana nuna babbar tasha ne, don haka in kana son ganin faɗin da kowa ya ɗiba, manhajojin binciken waifai na wayar Android suna zana shi kamar tuddai.

Mu ɗauka ka ga maƙwabta huɗu masu ƙarfi a gigahaz 5: biyu a 36, ɗaya a 44, ɗaya a 48, dukkansu a faɗin 80 kamar yadda rauta da yawa ke zuwa daga kamfani. A ido kamar sun rarrabu, amma gungu ɗaya suke ciki, na 36 zuwa 48, kai ne na biyar. A nan mutane da yawa ke kuskure: sai su rage zuwa 40 su zauna a 36 ɗin, su ce ba su ga canji ba. Ba za su gani ba, domin maƙwabtan nan huɗu har yanzu suna kwance a kan wurin. Dole ragin faɗi ya tafi tare da ƙaura. Duba gungun 149 zuwa 161, in rautarka tana nuna shi, tunda tashoshin da take buɗewa sun danganta da ƙasar da aka saita ta. In ka ga mutum ɗaya a 149 yana kan faɗin 40, ya riƙe 149 da 153 ke nan. Kai sai ka zaɓi 157 da faɗin 40, ka samu 157 da 161 kai kaɗai. Da 80 ka zaɓa a wurin, da ka sake hawa kansa.

Daga nan ka kai kwamfutar ɗakin barcin ka gwada. Sa adireshin rautarka, wanda yawanci yake rubuce a bayanta:

```
ping -n 200 192.168.1.1
```

Wannan yana auna tsakaninka da rauta kaɗai, babu ruwansa da kamfanin layi. A haɗi mai lafiya amsoshin kan tsaya ƙasa da milisakan 10, kuma Lost ya zama sifili ko kusa da haka. In kana ganin suna tsalle zuwa 200 ko 300, ko Request timed out na fitowa, iskar ce ta cunkushe ko siginar ta yi rauni. Yi gwajin a 80, ka sake a 40, ka sake a 20, a wuri ɗaya kuma a dare ɗaya. Ka fi mayar da hankali kan Maximum da Lost, don Average yana ɓoye tsallen da ke tsinka kira. In kuwa lambobin nan sun yi kyau amma bidiyo na tsayawa, laifin yana kan layin waje, canza faɗi ba zai taɓa shi ba.

Tambaya: Na ga tashoshi 52 zuwa 64 da na 100 zuwa 140 babu kowa. Me zai hana in koma can da 80 ɗina?

Amsa: Kana iya gwadawa, sau da yawa ma nan ne ya fi tsabta. Sharaɗinsu shi ne na'urorin rada, masu hango jirage da yanayin sama, su ne ke da fifiko a wurin, shi ne abin da saiti ke kira DFS. Rauta sai ta saurara na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ta fara aiki a kansu, in kuma ta ji rada dole ta bar tashar nan take, kada ta dawo sai bayan minti 30. Faɗin 80 ya fi saurin cin karo da wannan tunda filinsa ya fi yawa. Wanda ke kusa da filin jirgin sama ya sa ido: idan waifan gigahaz 5 yana ɓacewa ɗungurungum na ɗan lokaci sannan ya dawo a wata tasha, alamarsa ke nan. Wasu tsofaffin wayoyi da talabijin ma ba sa ganin waɗannan tashoshi.

Tambaya: Na gigahaz 2.4 fa, in sa shi a 40?

Amsa: A'a, bar shi a 20, kuma a nan ba na ba da zaɓi. Duk zangon bai wuce megahaz 83 da ɗoriya ba, tashoshi uku ne aka saba rabawa ba tare da sun taka juna ba: 1, 6 da 11. Mai faɗin 40 ya cinye biyu cikin ukun. A can kuma ƙananan rautocin aljihu da wayoyin da ke raba data suka fi taruwa, ga bulutut, ga shi siginar ta fi ratsa bango, har na gidan da ke bayan katanga kana ji. Yawancin rautoci da aka bari a 20/40 da kansu suke komawa 20 in sun ji maƙwabta, amma wasu saitin yana ba da damar tilasta 40, wanda ya yi haka kuwa ya cuci kansa da na kusa da shi. Zaɓi 20MHz kai tsaye, ka ɗauki wadda ta fi sauƙi cikin 1, 6 da 11. Kada ka ruɗu da 3 ko 9 don ka ga babu kowa: zama tsakani yana sa ka taka ɓangarori biyu, kuma na'urorin da suka ɗan goce da juna ba sa fahimtar juna balle su bi layi, sai dai su zame wa juna hayaniya.

Tambaya: Yaushe ne 80 ya dace?

Amsa: Idan layinka na faiba ne mai ɗaruruwan megabit, ko kana kwashe manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci a cikin gida, kuma bincikenka na dare ya nuna gungu ɗaya mai tashoshi huɗu da babu mai ƙarfi a cikinsa. Gida mai katangarsa da tazara da maƙwabta yakan samu haka cikin sauƙi, don bangon bulo yana rage siginar gigahaz 5 ta maƙwabci kamar yadda yake rage taka. A irin gidanka kuwa, da bene da ɗakuna manne da juna, ni 40 zan fara da shi a tashar da na zaɓa da hannuna, in sauka zuwa 20 in ɗakin ƙuryar bai daidaita ba. Ka sake dubawa duk lokacin da sabon ɗan haya ya tare, ko bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, domin rautocin da ke kan Auto sukan sake zaɓen tasha idan suka kunnu.