Mace da ɗaga ƙarfe: jiki zai murɗe ne?

Idan na fara ɗaga ƙarfe, jikina zai murɗe irin na maza?

A'a. Sinadarin testosteron, wanda ke kan gaba wajen tara tsoka, na jikin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Kuma su mazan da ke da shi sai sun yi shekaru suna cin abinci da lissafi, suna shan wahala kwana huɗu biyar a mako, kafin ƙwanji ya fito. Ke da za ki je sau biyu ko uku a mako, ba za ki wayi gari da ƙirar ɗan dambe ba.

To matan da nake gani a hotuna, jijiyoyi a waje?

'Yan gasar gina jiki ne, sana'arsu ke nan. Kafin ranar gasa sukan rage abinci na makonni har kitsen jikinsu ya kusa ƙarewa, sannan a shafa musu mai a haska fitila. Waɗanda girmansu ya wuce misali, sau da yawa da allura ko ƙwayar sitiroyid a ciki, kuma takan bar alama: murya ta yi kauri, gemu ya tsiro, al'ada ta rikice. Ƙarfe shi kaɗai ba ya yin wannan.

Kilo nawa ya kamata mace ta tsaya a kai?

Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin robar. Mata nawa ne ke ɗaukarta kullum daga bakin famfo zuwa gida? Matar da ke daka gero da taɓarya tun tana yarinya fa, kin ga ta zama namiji? Amma a ba mace ƙarfe mai kilo 5, sai ta ce tana tsoron murɗewa.

Ki zaɓi nauyin da za ki iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 a jere, na ƙarshen biyu su ba ki wuya amma ba ki karkace ba. Ki huta minti ɗaya ko biyu, ki maimaita, har zagaye uku. Ranar da sau 12 ya zama wasa a duka zagayen, ki ƙara kilo 1 ko 2. Ɗan ƙarfen kilo 1 da ake kaɗawa sau hamsin ana hira, ɓata lokaci ne bayan makon farko.

Na yi mako shida ina yi, sikeli ya hau kilo biyu, siket ya matse ni a cinya. Ba murɗewar ba ce?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, don a nan mata da yawa ke ajiye ƙarfe. Ba wanda zai faɗa miki tabbacin abin da ya faru ba tare da awo ba, amma ana iya rarrabe abin da zai yiwu.

Mu ɗauki mace mai kilo 70 da ta koma 72 cikin mako shida. Fara da tsokar. Macen da ta fara sabuwa, tana cin abinci mai kyau, tana barci, ba ta tsallake rana, abin da takan iya ginawa bai cika wuce rabin kilo a wata ba, kuma yawanci ƙasa da haka ne. Bayan shekarar farko ma raguwa yake yi. Ƙarfin da kike ji ya ƙaru a makonnin farko, mafi yawansa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suka koyi sarrafa tsokar da kike da ita tun da. Saboda haka a cikin kilo biyun nan, da wuya sabuwar tsoka ta kai ɗaya.

Sauran fa? Wataƙila ruwa ne. Tsokar da aka sa aiki takan ƙara ajiye sukari a cikinta, wanda ake kira gilaikojin, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe ruwa kamar giram 3. Ga kuma ɗan kumburin da ke biyo bayan motsin da jiki bai saba ba, wanda ke tafe da tsamin jiki. Shi ya sa cinya kan cika ta yi tauri kwana ɗaya ko biyu bayan an yi tsugunno da nauyi. Idan ranar da kika hau sikeli ta faɗo kwanaki kafin al'ada, nan ma ana iya samun ƙarin kilo ɗaya ko fiye na ruwa, wanda zai tafi da kansa.

Amma kada in ruɗe ki, yana iya zama kitse. Ɗaga ƙarfe na buɗe wa wasu ciki, wasu kuma sukan ce ai na motsa jiki yau, sai a ƙara malmalar tuwo, a bi da lemon kwalba da cincin. Awa ɗaya ta ɗaga ƙarfe ba ta ƙona abinci mai yawa kamar yadda ake zato; kwalbar lemo da fanke biyu uku sun isa su mayar da abin da aka ƙona. Idan tsoka ta ɗan ƙaru a ƙasa, kitse kuma ya ƙaru a samanta, lalle cinya za ta yi kauri. Da yawa daga cikin matan da ke cewa ƙarfe ya sa sun yi ƙato, abin da ya same su ke nan.

Yadda za ki gane: ki samo tef ɗin tela. Da safe bayan kin zaga, kafin ki ci komai, ki auna ƙugu daidai cibiya, ki auna mazaunai a inda suka fi faɗi, ki auna cinya a wuri ɗaya kullum, kuma kada ki yi washegarin ranar da kika wahalar da ƙafa. Ki rubuta. Ki sake bayan wata ɗaya a ranar da ta yi daidai da ranar awon farko a lissafin al'adarki. Sikeli kuma ki hau sau uku a mako ki ɗauki matsakaici, kada ki yanke hukunci da rana ɗaya.

Idan ƙugu ya tsaya ko ya ragu, nauyi ya daina hawa bayan mako na huɗu zuwa na takwas, ƙarfen da kike ɗagawa kuma yana ƙaruwa, to ruwa ne da ɗan tsoka. Ki ci gaba, ki kai wa tela siket ɗin. Idan kuwa ƙugu ya ƙaru da santimita 2 ko 3, sikeli na ta hawa mako bayan mako, to kwanon abinci za a duba. Ki fara cire abin sha mai zaƙi da soye-soyen tsakanin abinci, ki rage shinkafa ko tuwo da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki sake awo bayan wata.

Da sauran abu biyu. Jiki ya bambanta. Akwai matan da cinyarsu ko kafaɗarsu ke saurin amsawa, gado ne. Idan ke ce, kuma ba ki so, ki rage zagayen da kike yi wa wurin, daga tara a mako zuwa uku misali, girman zai tsaya. Na biyu, idan nauyi na hawa da sauri tare da kumburin ƙafa ko fuska, ko kin fara wani sabon magani ko allurar tazarar haihuwa, ko al'ada ta ɗauke, wannan ba zancen ƙarfe ba ne. Ki yi gwajin ciki, ki ga likita.

Idan na daina, tsokar za ta koma kitse?

Ba ta komawa. Nama daban, kitse daban, ko a teburin mahauci. Tsokar takan ragu a hankali, idan kuma ba ki rage ci ba kitse ya taru.

Wane motsi ne zai cire min tumbi?

Babu. Ko ki yi motsin ciki sau ɗari biyar, jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da aka matsa wa. Daga ko'ina yake ɗiba, bisa tsarin halittarki. Rage ci ne ke sauke tumbi. Aikin ƙarfe shi ne ya riƙe miki tsoka lokacin da kike ramewa, don kada ki zube ki yi yaushi. Tsoka kuma ta ɗan fi kitse cunkushewa, shi ya sa mata biyu masu nauyi ɗaya da tsawo ɗaya za su iya saka riga mabambanta.

Ni mazaunai nake so su cika. Ba gara in sha maganin ƙiba ba?

Haba baiwar Allah. Ƙarfe kike tsoro, amma ba ki tsoron ƙwayar da ake saya a kemis ba takardar likita? Dekzametason da ake sha don ƙiba, idan aka daɗe a kanta, fuska take kumburawa da ciki, ta cinye tsokar cinya da mazaunai, ta raunana ƙashi, ta tayar da sukari da hawan jini. Wato akasin abin da kike nema. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, yana da haɗari. Likita ne zai rage mata a hankali.

Mazaunai tsoka ce babba, tana girma da aiki: tsugunno da nauyi, ɗago ƙarfe daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, da jingina kafaɗa a benci a tura ƙugu sama da nauyi a kai. Sau biyu a mako, wata shida kafin ki yi ƙorafi. Faɗin ƙashin ƙugu kuwa yadda Allah Ya yi shi haka zai zauna.

Ƙirjina zai ragu?

Mama kitse ne da hanyoyin nono, ba tsoka a cikinsa. Ramewa ce ke rage shi, ko da ƙarfe ko babu.

An ce yana hana haihuwa, ko ya sa mahaifa ta sauka.

Ba ya hana haihuwa. Abin da ke ɗauke al'adar masu motsa jiki shi ne yawan wahala da ƙarancin abinci. Saukar mahaifa kuma ta fi alaƙa da haihuwa da yawa, doguwar naƙuda, shekaru da yawan yunƙuri. Amma idan fitsari na zubo miki lokacin ɗagawa, ko kina jin wani abu na danno ki ta ƙasa, ki rage nauyin, ki daina riƙe numfashi, a duba ki a asibiti. Mai ciki, mai jego da wadda aka yi wa tiyata, sai da izinin likitarta.

Dole sai na sayi garin furotin?

Ba dole ba. Kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinki a rana ya wadatar. Mai kilo 70 tana neman wajen giram 110. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6, kofin dafaffen wake kamar 15, dafaffen naman kaza giram 100 kamar 30. Ki haɗa da kifi, awara da kindirmo, ki raba su safe, rana da dare.

Na haura hamsin, lokaci bai wuce ba?

Ke ma kin fi kowa buƙata, Hajiya. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashi na saurin yin rauni, tsoka na raguwa, kuma aiki da nauyi na rage saurin duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya su yi motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ki fara da tashi daga kujera ba dafa hannu, sau goma, zagaye uku. Idan kina da hawan jini, a auna shi tukuna.