Ma'anar cike gurbi wajen cire tsohon abokin zama daga hoto

Cike gurbi, a bakin masu gyaran hoto, shi ne a ɗauke mutum ko wani abu daga cikin hoto, sannan a toshe wurin da ya bari da abin da ya dace da kewayensa, ta yadda mai kallo ba zai ga alamar an taɓa komai ba. A manhajar Photoshop ana kiran wannan aiki Content-Aware Fill, kuma ya shigo cikinta a shekarar 2010. Wayoyin Google Pixel sun zo da nasu mai suna Magic Eraser a 2021, na iPhone kuwa ana kiransa Clean Up. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, kyamara ba ta ɗauki abin da ke bayan mutumin ba. Babu wani bango da ke ɓoye a ƙarƙashinsa wanda za a tono. Manhajar tana aro ne daga gefe da gefe, ko ta ƙago abin da take zaton ya dace, kamar tela mai yi wa riga faci da ƙyallen da ya yanko daga cikin kalmasarta.

A ɗauki misalin hoton ranar suna. Mace tana zaune a kujera da jariri a hannu, mahaifiyarta na gefen dama, mijinta na lokacin yana tsaye a hagu ya dafa kafaɗarta, bayansu kuma labule ne da bango mai fenti. Aure ya mutu, tsohuwa ta rasu, kuma wannan ne hoto mafi kyau da ya haɗa kaka da jikanta, saboda haka jefar da shi ba mafita ba ce.

Aikin yana farawa da kwafi. Ana ajiye asalin hoton a gefe ba a taɓa shi ba, domin jaririn nan zai girma, wata rana kuma yana iya neman hoton da mahaifinsa yake ciki. Ya kyautu a nemo hoton daga wayar da ta ɗauke shi, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, tunda turawar da aka saba yi tana matse hoto ta rage masa kaifi. Daga nan sai a zagaye mutumin, a ɗan wuce iyakar jikinsa kaɗan, domin idan aka bi gefen rigarsa daidai wa daida, wani siririn zare na launinta yakan saura, manhajar kuma ta ɗauka ɓangaren bango ne ta shafa shi cikin gurbin.

Bangon fenti ba ya ba da wahala. Inda ake gane gwanin mai gyara shi ne wuraren da jikin mutanen biyu ya haɗu. Hannun da ke kan kafaɗa ya rufe wani yanki na mayafi ko atamfa, kuma atamfa tana da zane mai maimaituwa wanda ido ke saurin lura idan ya karye. A nan gwamma a bar cikon da manhaja ke yi da kanta, a koma ga Clone Stamp, wato kayan aikin da ake kwafo wani yanki na hoto da shi a ɗora a wani wuri, a riƙa ɗebo zanen daga ɗaya kafaɗar ko daga hannun rigar a hankali, ana sauya wurin ɗiba, don kada fure ɗaya ya fito sau uku a jere. Idan an yi sa'a an ɗauki hotuna da yawa a wannan zama, wani daga cikinsu zai iya nuna kafaɗar a buɗe, kuma wannan ya fi kowace ƙirƙira, tunda haske ɗaya ne, tufa ɗaya ce.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne inuwa. Mutum ya tafi, amma inuwarsa tana nan kwance a kan kafet ko a jikin labule, wani lokaci ma kamanninsa yana cikin madubi ko gilashin kabad. Haka kuma layukan da suka ratsa ta bayansa, kamar sandar labule da gefen tayil, dole ne su fito ta ɗaya ɓangaren a miƙe. Idan suka lanƙwashe ko suka yi tsalle, an gane aikin ke nan.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta iya gyarawa. Idan matar ta karkata tana kallonsa tana dariya, bayan an cire shi za a gan ta tana yi wa labule dariya. A irin wannan hali ya fi kyau a datse hoton daga hagu, a matso da uwa da kaka tsakiya, sai a cike ɗan abin da ya rage. Sai dai datsewa tana cin girman hoto: wanda za a wanke a inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigon hoto, wato pixel, kimanin 1200 da 1800 kafin ya fito tas. Kafin a kai wa mai wankin hoto, a faɗaɗa wurin da aka gyara a babban allo a duba shi da kyau, domin tabon da fuskar waya ta ɓoye yakan bayyana a takarda.