Ƙwayoyin ƙura da hayaƙi a iska da ma'aunin AQI

Ƙwayoyin ƙura da hayaƙi, waɗanda teburan awon iska ke rubutawa PM, su ne ƙananan ɓarɓashi da ɗigo-ɗigon ruwa da ke yawo a iska ba su sauka ƙasa da wuri ba. Ana rarraba su bisa girmansu, domin girman ƙwaya ne ke nuna iyakar inda za ta kai a jikin wanda ya shaƙe ta. AQI kuwa lamba ce da ake lissafowa daga nauyin waɗannan ƙwayoyi da na wasu gurɓatattun iskoki, a ba ta launi, don mai karatu ya gane halin da iskar gari take ciki. A birni irin Kano, inda hazon hunturu ke haɗuwa da hayaƙin gari, lambar AQI ita kaɗai ba ta faɗin ko ƙura ce ta tashi ko hayaƙi, sai an duba sauran ginshiƙan teburin.

## Girman ƙwayoyi

Ana auna faɗin ƙwaya da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yana da kaurin maikuromita 50 zuwa 70. PM10 na nufin duk ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikuromita 10 ba, PM2.5 kuma waɗanda ba su wuce 2.5 ba. Ke nan PM2.5 yana cikin PM10, ba a tara su biyun. Idan tebur ya nuna PM2.5 ya fi PM10 yawa a tasha ɗaya a lokaci ɗaya, to akwai kuskure a na'ura ko a rubutu.

Abin da ya fi maikuromita 10 girma yawanci gashin hanci da majina ke tare shi, shi ne jan ƙasan da mutum ke gani a hankici idan ya fyace bayan ya wuni a hanya. Masu girman 2.5 zuwa 10 suna wucewa maƙogwaro da manyan hanyoyin numfashi, su jawo tari da kaikayin wuya. PM2.5 yana kaiwa har ƙananan jakunkunan huhu inda iska ke shiga jini, kuma shi aka fi dangantawa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu masu daɗewa. Manyan ƙwayoyi sun fi fitowa daga abin da aka niƙa ko iska ta kwaso: ƙasar titin da ba kwalta, siminti, shara. Ƙananan sun fi fitowa daga abin da aka ƙona. Akwai rukuni na uku, ƙasa da maikuromita 0.1, wanda teburan birane ba kasafai suke nunawa ba.

## Tarihin awo

Abin da ya sa gwamnatoci suka ɗauki hayaƙin birni da gaske shi ne hazon Landan na ranakun 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. Sanyi ya sa mutane sun ƙona kwal da yawa, iska kuma ta tsaya cak, hayaƙi ya danne birnin. Ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 4,000 ne suka rasu, binciken da aka yi daga baya kuma ya kai adadin wajen 12,000. Birtaniya ta yi dokar tsaftar iska a 1956.

Amurka ta kafa ƙa'idarta ta farko a 1971, amma a lokacin nauyin dukkan ƙurar da matatar na'ura ta kama ake aunawa, babba da ƙarama. Aibin wannan hanya shi ne manyan ƙwayoyi, waɗanda hanci ke tarewa, su ne suka fi nauyi, sai su rinjayi sakamakon. Shi ya sa aka koma PM10 a 1987. Binciken birane shida na Jami'ar Harvard, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna mace-mace sun fi yawa a biranen da ƙananan ƙwayoyi suka fi yawa, a 1997 kuma aka fito da ƙa'idar PM2.5. Ma'aunin da ake kira AQI ya samu wannan suna a 1999, ya gaji wani tsohon ma'auni da aka fara amfani da shi wajejen 1976.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta a 2021. A matsakaicin awa 24, PM2.5 kada ya wuce 15, PM10 kada ya wuce 45. A matsakaicin shekara kuwa 5 ne da 15. Duk waɗannan lambobi na µg/m³ ne, wato maikurogiram nawa ke cikin kubik mita ɗaya na iska. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin ƙa'idojin muhalli.

## Matakan AQI

Yawancin manhajojin waya da ake buɗewa a Kano ma'aunin Amurka suke bi. Matakansa shida ne, ga su da iyakokin da aka gyara a 2024, na matsakaicin awa 24:

| AQI | Launi | PM2.5 | PM10 | Ma'ana |
|---|---|---|---|---|
| 0–50 | kore | 0–9.0 | 0–54 | iska mai kyau |
| 51–100 | rawaya | 9.1–35.4 | 55–154 | da dama-dama |
| 101–150 | ruwan lemo | 35.5–55.4 | 155–254 | illa ga masu rauni |
| 151–200 | ja | 55.5–125.4 | 255–354 | illa ga kowa |
| 201–300 | shunayya | 125.5–225.4 | 355–424 | illa mai tsanani |
| 301 zuwa sama | ruwan hanta | 225.5 zuwa sama | 425 zuwa sama | haɗari |

Masu rauni a nan su ne yara, tsofaffi, masu juna biyu, masu asma da masu ciwon zuciya. Kafin 2024 kore yana kaiwa har 12.0, ja kuma har 150.4, don haka tsohon rahoto da sabo suna iya ba iska iri ɗaya launi daban. Matakan ba faɗinsu ɗaya ba: daga AQI 50 zuwa 100 nauyin PM2.5 ya ninka kusan sau huɗu, daga 100 zuwa 150 kuwa ko ninki biyu bai yi ba.

Wasu ƙasashe suna da nasu ma'aunin. PM2.5 na 60 yana ba da 100 a ma'aunin Indiya, 154 a na Amurka. Lambar µg/m³ ce kaɗai ake iya kwatantawa tsakanin teburi da teburi.

## Ƙura da hayaƙin Kano

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, babban tushenta kuma shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Wannan ce ƙurar da ke kwantawa fari-fari a gilashin mota da safe, ta sa wanda ya hau Dala ya kasa hango Goron Dutse sosai, wani lokaci ta hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Galibin nauyinta manyan ƙwayoyi ne, amma ranar hazo mai kauri tana ɗaga PM2.5 shi ma.

Hayaƙin cikin gari yana fitowa daga murhun itace da gawayi, ƙona bola, janareto, A Daidaita Sahu da manyan motoci, da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa. Daren hunturu iskar da ke kusa da ƙasa tana yin sanyi ta kwanta, hayaƙi ya rasa hanyar tashi sama. Shi ya sa awo yakan hau bayan magariba da kuma asuba, ya sauka da rana ta yi zafi. Ruwan damina yana wanke iska.

## Karanta tebur

A ɗauki misali, da lambobin da aka ƙirƙira don bayani, kowanne matsakaicin awa 24:

| Rana | PM2.5 | PM10 |
|---|---|---|
| ta farko | 80 | 380 |
| ta biyu | 60 | 85 |

Ana lissafa AQI na kowane ginshiƙi daban, da wannan ƙa'ida:

```
I = (Ih - Il) / (Ch - Cl) × (C - Cl) + Il
```

C shi ne awon da aka samu, Cl da Ch iyakokin matakin da ya faɗa ciki, Il da Ih kuma lambobin AQI na farko da ƙarshen wannan mataki. A rana ta farko, PM2.5 na 80 ya faɗa tsakanin 55.5 da 125.4, matakin 151 zuwa 200. A raba 49 da 69.9, a ninka da 24.5, a ƙara 151, sai a samu 168. PM10 na 380 ya faɗa tsakanin 355 da 424, matakin 201 zuwa 300. A raba 99 da 69, a ninka da 25, a ƙara 201, a samu 237. Ba a ɗaukar matsakaicin biyun. Mafi girma shi ne AQI na ranar, wato 237, shunayya. Manhajar da na'urarta PM2.5 kaɗai take aunawa za ta nuna 168, ja, a rana guda a unguwa guda.

Rana ta biyu ta ba da 154 a PM2.5 da 66 a PM10, AQI ɗinta 154.

Don a gane ko ƙura ce ko hayaƙi, sai a raba lambar PM2.5 da lambar PM10. A rana ta farko an samu kusan 0.2, alamar ƙurar hamada ko ta titi. A ta biyu 0.7 ne, alamar hayaƙi. Rana ta farko kowa zai gan ta da ido, ya yi ta tari, ya nemi takunkumi. Ta biyu sama na iya zama garau, amma PM2.5 ɗinta ya ninka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya sau huɗu, kuma ita ce mai ciwon zuciya ya fi saurin yin sakaci da ita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rikita ginshiƙi: 80 a ƙarƙashin AQI rawaya ne, 80 a ƙarƙashin µg/m³ na PM2.5 ja ne. Na biyu shi ne ɗora awon awa ɗaya a kan matakan awa 24. Na'urar da ke kusa da mai tsire na iya tsalle zuwa 200 na ɗan lokaci ta dawo. Shi ya sa wasu tebura ke nuna NowCast, wanda ke haɗa awannin 12 da suka wuce yana fifita na kusa. A kuma duba lokacin da aka sabunta teburin, domin lambar da ta tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki yawanci na'ura ce ta mutu ko wuta ta ɗauke.

Tushen lambar ma abin dubawa ne. Ƙananan na'urori masu araha suna haska iska ne su ƙiyasta nauyi daga yadda haske ya warwatsu. Laimar damina tana kumbura ƙwayoyi ta sa su zarce gaskiya, manyan ƙwayoyin hazo kuma suna kuɓuce masu, su nuna ƙasa da abin da ke akwai. Wasu manhajoji ba su da na'ura a garin sam, ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam da lissafin yanayi, wanda ba zai bambanta Kantin Kwari da unguwar Nasarawa ba.

## Lafiya

A ruwan lemo masu rauni su rage aikin ƙarfi a waje, mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa. A ja kowa ya rage, a shunayya a mai da wasan yara da motsa jiki cikin ɗaki. Numfashi mai ƙara kamar usur, ɗaurewar ƙirji ko haki a zaune alamu ne na zuwa asibiti. Takunkumin N95 da ya kama fuska yana tace PM2.5, na yadi da rawani manyan ƙwayoyi suka fi tarewa. Rufe taga yana taimakawa ranar hazo, amma ba a ɗakin da ake hura gawayi ko turaren wuta ba.

Masana ba su daidaita ba kan ko ƙurar hamada ta kai hayaƙi illa idan nauyinsu ɗaya. An lura sanƙarau yana yawaita a yankin Sahel lokacin rani da ƙura, ana kuma ci gaba da binciken rawar da ƙurar ke takawa.